Agogon faifai, gilashin yashi, ƙararrawar waya ko alamar kan hanya: wanne ya dace da mai saurin shagala?

Kafin a sayi komai, a fara raba matsalar gida biyu, domin yawancin kuɗin da ake ɓatawa a wannan harka a nan ake ɓata shi. Akwai wanda idan ya shiga aiki ba ya jin tafiyar lokaci. Ya ce bari ya duba saƙo na minti biyar, ɗaga kan da zai yi sai ya ga awa ta wuce, kuma har ga Allah bai ji ta ba. Akwai kuma wanda ya san sarai zai kashe famfo idan tanki ya cika, ko zai kira wani da ƙarfe huɗu, amma idan lokacin ya zo sai tunanin ya ƙi zuwa, sai da daddare yake tunawa. Na farko matsalarsa tsawon lokaci ce, na biyu kuma matsalarsa tunawa a daidai gaɓar da ake buƙata. Mutum ɗaya yana iya haɗa duka biyun, haka ma yawanci abin yake ga masu larurar saurin shagala da rashin natsuwa da likitoci ke kira ADHD, amma kayan da ke maganin ɗaya ba ya maganin ɗayan.

Masanin halayyar ɗan Adam ɗan Amurka, Russell Barkley, wanda ya shafe shekaru yana nazarin wannan larura, ya daɗe yana jan hankali cewa masu ita ba sani suka rasa ba, aikata abin da suka sani a lokacin da ya kamata shi ne ke gagarar su. Shawararsa ita ce a fito da lokaci da tunatarwa daga cikin kai, a ajiye su a waje, a daidai wurin da aikin zai faru. Wannan ma'auni za mu bi wajen gwada kayan: shin abin yana gaban ido a wurin da za a yi aikin, a lokacin da za a yi shi, ba tare da mutum ya tuna ya je ya duba ba?

Agogon faifai

Wannan agogo ne mai fuska zagayayya, an rubuta mintuna daga sifili zuwa 60 a gefenta. Idan ka murɗa shi zuwa 20, sai wani jan faifai ya fito ya rufe kashi ɗaya bisa uku na fuskar, yana raguwa a hankali har ya ɓace. Wanda ya fi shahara shi ne Time Timer, wanda wata mata mai suna Jan Rogers ta ƙirƙira a Cincinnati ta Amurka cikin shekarun 1990, saboda ƙaramar 'yarta da ba ta gane nufin "saura minti goma" ba. Yanzu kamfanoni da yawa suna yin irinsa a farashi mai sauƙi.

Amfaninsa shi ne ba ya buƙatar lissafi. Agogon lamba idan ya nuna 6:38, sai ka tuna ƙarfe nawa za ka fita, ka ɗebe, sannan ka auna ko abin da ya rage zai isa. Matakai uku ke nan, kuma mai saurin shagala a na farko yake tsayawa. Jan faifai kuwa da wutsiyar ido ake ganinsa: ko yana da yawa, ko ya kusa ƙarewa. Shi ya sa ya fi kowane kaya dacewa da matsalar farko, wato rashin jin tsawon lokaci, musamman a aikin da ake yi a wuri ɗaya kamar karatu, ɗinki, rubutu ko shirin fita.

Sai dai akwai abubuwan da mai saye ya kamata ya duba. Na farko girman mintunan fuskar. A fuska mai minti 60, minti biyar kashi ɗaya bisa goma sha biyu ne kawai, siririn yanki da ba a lura da raguwarsa daga nesa. Idan ayyukan da kake son aunawa gajeru ne, irin su sa wa yaro takalmi ko goge haƙora, nemi mai fuskar minti 20 ko ƙasa da haka. Idan kuma zaman awa biyu kake yi, akwai mai minti 120, amma faifansa yana tafiya a hankali har ido ya daina ganin motsi, saboda haka gara a raba zaman gida biyu a yi amfani da mai 60.

Na biyu injin cikinsa. Akwai mai batir, akwai mai wayar murɗi irin ta agogon kicin. Mai batir shiru yake, yawanci batir ɗaya na AA yake ci, kuma a da yawa daga cikinsu ana iya kashe ƙarar ƙarshe. Mai murɗi ba ya cin batir, amma yana ƙas-ƙas-ƙas ba tsayawa. Wasu wannan ƙara tana riƙe su a kan aiki, wasu kuma ita ce ma abin da ke ɗauke musu hankali, don haka a saurare shi a shago kafin a biya. Sannan mai murɗi yana da wata ɗabi'a da ke sa mutane su zaci ya lalace: idan ka murɗa shi kai tsaye zuwa minti biyar, ƙararrawarsa ba ta samun ƙarfin bugawa sosai, wani lokaci ma ba ta bugawa. Sai an murɗa shi har kusan ƙarshe, sannan a dawo da shi kan mintunan da ake so.

Na uku, wanda shi ne babban rauninsa, agogon faifai ba ya kunna kansa. Dole wani ya murɗa shi. Mutumin da ke mantawa ya fara aiki zai manta ya murɗa agogon, bayan mako biyu ka same shi a kan kanta ƙura ta rufe shi. Kuma ba ya bin ka ɗaki zuwa ɗaki. Idan yana falo kai kana banɗaki, daidai yake da babu.

Akwai manhajojin waya masu kwaikwayon wannan faifai, wasu kyauta. Don gwaji suna da kyau, mutum ya gane ko tsarin ya karɓe shi kafin ya kashe kuɗi. Don amfanin yau da gobe ba mu ba da shawararsu ba, sai idan akwai tsohuwar waya marar layi da za a jingine ta a tebur don wannan aikin kaɗai. Dalilin zai zo a gaba.

Gilashin yashi

Shi ma lokaci yake nunawa a ido, ba batir ba caji, kuma juya shi ya fi murɗa komai sauƙi. Idan an katse ka, sai ka kwantar da shi a gefe, lokacin ya tsaya. Ga gajeren aiki da ake maimaitawa kullum, na minti biyu, biyar ko goma, yana da arha kuma yana aiki.

Iyakarsa dai a fili take. Kowane gilashi tsawon lokaci ɗaya yake da shi. Ba ya ƙara idan ya ƙare, don haka wanda ya nutse cikin aiki ba zai san yashin ya gama zuba tun ɗazu ba. Siffar gilashin tana yaudarar ido, domin saman yana da faɗi ƙasan yana tsukewa: da farko kamar yashin ba ya raguwa, can kusa da ƙarshe sai ya zube da sauri. Ba za ka iya kallonsa ka ce saura kashi ɗaya bisa huɗu ba yadda za ka ce a faifai. Masu arha kuma sukan saɓa wa abin da aka rubuta a jikinsu, saboda haka a gwada shi da agogon waya ranar da aka saya. Ga ƙananan yara, zubar yashin kanta abin kallo ce, sai yaro ya bar aikin ya zuba wa gilashin ido.

Ƙararrawar waya

A nan mun koma matsala ta biyu. Ƙararrawa ba ta nuna tsawon lokaci, amma tana da abin da faifai da yashi ba su da shi: ita take neman ka. An saita ta sau ɗaya, kullum za ta buga, ko ka tuna ko ba ka tuna ba. Ga abin da ke ɗaure da ƙarfe kaza, kamar shan magani, ɗauko yara daga makaranta ko ganin likita, ba ta da na biyu.

Matsalarta uku ce, kuma kowacce tana da gyara.

Ta farko ita ce wayar kanta. Ƙararrawa ta buga, ka ɗauki waya don ka kashe ta, idonka ya faɗa kan saƙonnin da suka taru, shi ke nan, abin da aka sa ya ceto ka shi ya ja ka. Gyaran da ya fi inganci shi ne a raba aikin: ƙaramar waya mai madannai, irin wadda cajinta ke kwanaki, a mayar da ita agogon ƙararrawa, a ajiye ta a wurin da za a yi aikin. Ƙararrawar magani ta zauna kusa da maganin, ta fita kuma kusa da ƙofa. Dole sai ka tashi ka je ka kashe ta, kuma da ka isa ga aikin a gabanka. A inda wuta ba ta tsayawa, wannan ya fi dogaro da babbar waya da kan mutu da tsakar rana.

Ta biyu ita ce maɓallin ɗage ƙararrawa da kuma kashewa da niyyar "yanzu zan tashi". Wannan "yanzu" ita ce ramin. Da zarar ƙarar ta tsaya, tunatarwar ta koma cikin kai, inda tun farko ba ta zama. Dokar da za a bi guda ɗaya ce: ba a kashe ƙararrawa sai an miƙe tsaye an fara aikin. Idan da gaske ba zai yiwu a lokacin ba, a ɗage ta, kada a kashe. Sannan a rubuta mata suna na aiki, wanda ke faɗin motsin farko. "Makaranta" ba ya gaya wa jiki komai. "Sa takalmi, ɗauki makulli" yana gaya masa.

Ta uku ita ce sabo. Wanda ya ji daɗin ƙararrawa a makon farko yakan saita goma sha biyar a rana, duka da sauti ɗaya. Ba a daɗe ba kunne yake sabawa, hannu ya riƙa kashewa ba tare da ido ya karanta ba. Kamar mai gida kusa da injin niƙa ne, wanda baƙo ke tambaya yaya yake barci shi kuwa ya daina ji. Alamar an kai wannan matsayi ita ce ka duba waya ka ga an kashe ƙararrawa amma ba ka tuna lokacin da ka kashe ta ba. Idan haka ta faru, a rage su zuwa uku ko huɗu mafi muhimmanci, a ba kowacce sautinta daban, a riƙa canza sautin duk bayan 'yan makonni.

Wani abin lura: a yi amfani da agogon da ya zo da wayar. Wayoyin Android da yawa suna rufe manhajojin da aka sauke idan suna aiki a bayan fage, don tattalin batir, sai tunatarwar ta zo a makare ko ta ƙi zuwa. Idan dole sai da wata manhaja, a shiga saitin batir a cire ta daga cikin waɗanda ake takurawa.

Agogon hannu

Yana warware matsalar wuri, tunda yana jikinka ko'ina, kuma ba shi da saƙonni idan mai sauƙi ne. Mai jijjiga ya dace da ofis, aji ko masallaci, inda ƙara za ta dami mutane ko ta jawo wa mutum ido. Amma yawancin masu jijjiga suna buƙatar caji duk bayan 'yan kwanaki, kuma tuna caji shi ma aiki ne irin wanda ake mantawa. Waɗanda ke haɗe da waya kuma, idan ba a kashe sanarwar saƙonni ba, kowane saƙo zai jijjiga hannu, har ta tunatarwa ta ɓace a cikinsu.

Akwai wata dabara mai arha a agogon roba irin Casio F-91W, wanda ke kasuwa tun 1989 kuma batirinsa ke shekaru. Ba ya jijjiga, ba ya ƙirga lokaci baya-baya, ƙararrawa ɗaya yake da ita a rana, amma ana iya sa shi ya yi ɗan ƙara a kan kowace awa. Wannan ƙara ba ta ce ka yi komai ba, tambaya kawai take tayarwa: me nake yi yanzu, shi ne abin da na zauna yi? Ga mai nutsewa har yini ya tafi, wannan kaɗai yana rage ɓarna, muddin bai saba da ƙarar ba.

Alamar da ke kan hanya

Wannan ba a sayen sa, kuma a ganinmu shi ne aka fi rainawa alhali ya fi jure wa lokaci. Masu binciken tunani sun bambanta tuna abu saboda lokaci ya yi da tuna shi saboda an ci karo da wani abu, kuma na biyun ya fi sauƙi ga kowa, domin abin da aka ci karo da shi ne ke yin tunatarwar. Dabarar ita ce a mayar da aikin lokaci ya zama aikin karo.

Takardar da za a kai ofis gobe a ɗora ta a kan takalmin da za a sa. Wanda ya kunna injin jan ruwa ya rataya makullin babur ko na mota a jikin makunnin, ba zai bar gida injin yana aiki ba. Mai girki da za ta bar kicin tukunya na kan wuta ta fita da ludayi a hannu, duk inda ta tsaya hira ludayin yana tuna mata. Maganin safe ya zauna kusa da kofin shayi, in dai babu ƙananan yara da hannunsu zai kai. Idan akwai, maganin ya zauna a kulle, a ajiye kwalinsa marar komai a cikin kofin.

Sharaɗin alama shi ne ta tare hanya. Takardar da aka manna a bango ba ta tare komai, kwana kaɗan take zama ɓangaren bangon. Haka allon da aka cika da ayyuka ashirin. Idan za a yi rubutu, a yi shi a kan abin da hannu zai taɓa, kamar hannun ƙofa, murfin tukunya ko fuskar waya, kuma a cire shi da zarar an yi aikin, don kada ido ya saba da ganin alamar da ba ta nufin komai.

Cikin irin waɗannan alamu akwai kiran sallah, wanda ke raba yini gida biyar ba tare da an saita komai ba. "Idan na dawo daga La'asar, kafin in zauna, zan kira mai kaya" ya fi "zan kira shi da yamma" ƙarfi nesa ba kusa ba, domin an ɗaura aikin a kan abin da tabbas zai faru. Wani masanin halayyar ɗan Adam Bajamushe, Peter Gollwitzer, ya yi suna a kan binciken irin wannan ƙudiri na "idan kaza ya faru, zan yi kaza". Iyakarsa ita ce lokutan sallah suna motsi. A Kano, faɗuwar rana tana bambanta da kusan awa guda tsakanin Nuwamba da Yuli. Don haka kiran sallah ya dace da jeranta ayyuka, amma bai dace da maganin da aka ce a sha duk bayan awa takwas ba, ko da alƙawarin ƙarfe biyar daidai.

Misali: fita aiki da safe

A ɗauki malamar makaranta da ake so ta sa hannu a rajista da 7:45, kuma kusan kullum sai ta makara duk da tana tashi tun asuba. Idan an tambaye ta, za ta ce shirinta minti 35 ne, hanya kuma minti 25.

Matakin farko ba sayen komai ba ne, awo ne. Kwana uku ta auna kowane aiki da agogo, ba tare da ta yi ƙoƙarin sauri ba. A ce ta samu wanka minti 15, shafa da sa kaya 15, karin kumallo 15, haɗa jakunkunan yara da neman abin da ya ɓace 15. Awa guda ke nan, ba minti 35 ba. Hanya kuma minti 25 ce a cikin adaidaita, amma ba ta taɓa lissafa minti 10 na fita titi da jira ba. Wannan giɓi na minti 35 shi ne makararta, kuma babu agogon da zai gyara shi idan an saita agogon a kan lissafin ƙarya.

Sai a yi lissafi daga ƙarshe zuwa farko. Daga 7:45 a cire minti 35 na hanya, ya zama 7:10. A ƙara minti 10 na ko-ta-kwana, lokacin fita ya zama 7:00. A cire awa guda ta shiri, farawa ya zama 6:00. Daga yau 7:45 ta fita daga kanta, lambar da za ta riƙe ita ce 7:00, lokacin da ƙafa za ta ƙetare ƙofa. Masu makara da yawa lokacin isa suke riƙewa, shi ya sa 7:20 take musu kamar da sauran lokaci.

Yanzu a raba wa kowane kaya aikinsa. Ƙararrawa uku kacal: ta 6:00 mai suna "murɗa faifai, shiga wanka", ta 6:50 "sa takalmi", ta 7:00 "fita". Wayar tana kwana kusa da agogon faifai, don hannun da ya kashe ƙararrawar farko shi zai murɗa faifan zuwa 60. Ta haka ƙararrawa ta toshe raunin faifai na rashin kunna kansa. A gefen fuskar agogon a manna ƙananan takardu uku: a 45 "fito daga wanka", a 30 "an gama sa kaya", a 15 "an gama ci". Idan jan ya wuce takarda ita ba ta gama ba, ta san tun a lokacin cewa tana baya, tana da damar rage wani abu, maimakon ta gane da 7:15. Jaka, makulli da kuɗin mota kuwa tun dare ake jingine su a jikin ƙofa, wannan aikin alamar kan hanya ne.

Bayan mako guda a duba inda ya karye, domin yadda ya karye shi ke nuna gyara. Idan tana kai wa 30 a kan lokaci amma tana ɓacewa tsakanin 30 da 15, a duba me ke wurin. Sau da yawa waya ce ake ɗauka lokacin shayi, gyaran kuwa wayar ta shiga jaka a bakin ƙofa tun 6:00, ƙararrawar 6:50 ta kira ta can. Idan wanka ne ke cin minti 25, faifan ba ya inda take ganinsa, sai a matsar da shi ko a ƙara gilashin yashi na minti goma a tagar banɗaki. Idan kuma ganin jan yana da yawa ne ke sa ta ce bari ta ɗan share tsakar gida, to awa guda ta yi mata faɗi a ido, sai a riƙa murɗa minti 15 sau huɗu, kowane aiki da nasa. Wannan na ƙarshe yana da tsada, domin sau huɗu ke nan ake buƙatar ta tuna ta murɗa, saboda haka a bar ƙarar ƙarshe a kunne.

Zaman karatu da aikin da ke jan mutum

Tsarin Pomodoro, wanda Francesco Cirillo ɗan Italiya ya fito da shi a ƙarshen shekarun 1980, minti 25 ne na aiki da minti 5 na hutu. Lambobin ba wahayi ba ne. Wanda fara aiki ke yi masa nauyi ya sa minti 10, domin ƙaramin ja ba ya ba da tsoro. Wanda kuma idan ya nutse katsewa ke ɓata masa aiki, kamar tela a kan keke, ya sa 45 ko 50. Inda tsarin ya fi karyewa shi ne hutun: ana auna aiki a bar hutu ba awo, minti biyar ta zama arba'in. A murɗa agogo a kan hutun ma, kuma a yi shi a tsaye, a sha ruwa, a taka, ba a kan waya ba.

Ga yaro, a bar shi ya murɗa da hannunsa, a fara da abin da yake so, kamar lokacin wasa ko jiran abinci, kafin a kai ga aikin gida. Idan agogon ya fara fitowa ne kawai lokacin da za a ƙwace masa wani abu, zai tsane shi. Wasu yara, har da manya, raguwar jan tana tayar musu da hankali har su kasa komai. Alamar ita ce kallon agogon ya fi kallon aikin yawa. Irin waɗannan a kashe musu ƙarar, a ƙara mintunan, ko a koma agogon da ke ƙirgawa sama don ganin tsawon abin da aka yi. Idan kuma shagalar ta kai ga rasa aiki, faɗuwa jarabawa ko haɗari a kan hanya, a ga likita, domin ƙarancin barci, damuwa da wasu cututtuka suna kawo irin wannan, kuma agogo ba ya maganinsu.

Wanda kuɗinsa na abu ɗaya ne, ya tambayi kansa wace magana ya fi yawan faɗa. Idan "ban san lokaci ya tafi haka ba" ce, agogon faifai mai batir na minti 60, wanda ake iya kashe ƙararsa. Idan "wallahi na manta" ce, kada ya sayi faifai tukuna, ya fara da ƙararrawa uku a ƙaramar waya da alamun kan hanya. Idan yawo yake yi duk yini, kasuwa, asibiti ko tuƙi, agogon hannu. Gilashin yashi ƙari ne ga gajeren aiki ɗaya. Kowanne aka zaɓa, a gwada shi a kan matsala guda ta yini, kamar fitar safe, har mako biyu, kafin a ƙara ta biyu.